Saƙon tes ya hana firinta buga rasit: muhawara kan tsarin mai shela da masu saurare

Ɗan Argungu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da matsala da ta hana ni barci tun shekaranjiya. Na rubuta wa wata masana'antar casar shinkafa a nan Argungu ƙaramar manhaja da Python. Aikinta idan manomi ya kawo shanshera aka auna, akawu ya shigar da sunansa da yawan buhu da nauyi, sai manhajar ta ajiye, ta tura wa manomin saƙon tes, ta buga rasit, ta kuma sabunta allon da manaja ke dubawa a ofis. Ga yadda na rubuta shi:

```python
def karbi_kaya(manomi, buhu, kilo):
    lamba = rumbu.ajiye(manomi, buhu, kilo)
    tes.aika(manomi.waya, buhu, kilo)
    firinta.buga(lamba)
    allo.sabunta()
```

Ranar Talata sabis ya ɗauke da yamma. Manhajar ta tsaya cak a layi na biyu, rasit ya ƙi fita, motoci suka yi layi har bakin ƙofa, manoma na jiran takardarsu. Akawu ya koma rubutu da hannu. Yanzu kuma mai wurin ya ce in ƙara masa abu na biyar: duk kayan da ya haura buhu 50 a sanar da shi kai tsaye. Duk lokacin da aka nemi ƙari sai na sake buɗe wannan fankishin ɗin, gabana na faɗuwa kada in ɓata abin da ke aiki. Wani ya ce mini in duba tsarin da ake kira `Observer`. Na karanta, amma ban ga yadda zai raba ni da wannan ba. A taimaka.

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ai wannan ba sai an wahala ba. Ka buɗe wa manoman zaure a waya, duk wanda ya kawo kaya a saka sanarwa, kowa ya gani. Kuɗin tes ma ya ragu.

Ɗan Argungu: Na gode Baba, amma ba hanyar isar da saƙon ce damuwata ba. Yawancin manoman ƙaramar waya gare su. Kuma ba zai yiwu a riƙa bayyana wa kowa yawan kayan da wani ya kawo ba. Tambayata a kan yadda zan tsara cikin manhajar ce.

Injiniya Na-Gwandu: Wa alaikumus salam. Ɗan Argungu, ka sake kallon fankishin ɗinka ka ƙirga abubuwan da ya sani. Ya san akwai tes, ya san akwai firinta, ya san akwai allo, ya san sunan kowanne da yadda ake kiransa. Alhali aikinsa guda ɗaya ne, ya karɓi kaya ya rubuta. Sauran duk masu jiran labari ne.

Ka ɗauki mai shela a gari. Idan an ba shi saƙo ya zaga da shi, ba ya riƙe da lissafin abin da kowane gida zai yi da labarin. Wani ya ji ya ɗaura sirdi, wata ta ji ta ɗora tukunya, wani ya ji ya ci gaba da harkarsa. Bambanci ɗaya da manhaja shi ne a nan mai son ji sai ya zo ya ba da sunansa tukuna. To haka za ka yi:

```python
class MaiShela:
    def __init__(self):
        self.masu_ji = []

    def yi_rajista(self, mai_ji):
        self.masu_ji.append(mai_ji)

    def janye(self, mai_ji):
        self.masu_ji.remove(mai_ji)

    def shelanta(self, labari):
        for mai_ji in self.masu_ji:
            mai_ji(labari)
```

Duba da kyau, babu kalmar tes ko firinta a ciki. Abin da mai shelar ya sani biyu ne kawai: yana da jerin masu saurare, kuma kowannensu abu ne da za a iya kira a miƙa masa labari guda ɗaya. Sai fankishin ɗinka ya koma haka:

```python
def karbi_kaya(manomi, buhu, kilo):
    lamba = rumbu.ajiye(manomi, buhu, kilo)
    shela.shelanta(AnKarba(lamba, manomi.waya, buhu, kilo))
```

`AnKarba` shi ne labarin, yana ɗauke da lambar rasit da waya da buhu da kilo. A wuri ɗaya kuma, inda manhaja ke tashi, ka haɗa su:

```python
shela = MaiShela()
shela.yi_rajista(buga_rasit)
shela.yi_rajista(aika_tes)
shela.yi_rajista(sabunta_allo)
```

Buƙatar mai wurin ta zama sabon fankishin ɗan layi uku da zai duba ko `labari.buhu > 50`, da layi ɗaya na rajista. Ba ka taɓa `karbi_kaya` ba.

Autan Yauri: Shi ke nan, an gama! Da zarar ka yi haka, ko sabis ya ɗauke rasit zai fita, tunda yanzu kowa na aikinsa daban, babu ruwan wani da wani. Wannan ne amfanin tsarin gaba ɗaya.

Anti 'Yar Zuru: Auta, a nan ne fa mutane da yawa ke zamewa. Ka koma ka karanta `shelanta` ɗin da Injiniya ya rubuta. Yana kiran na farko, ya jira ya gama, sannan ya kira na biyu. Idan `aika_tes` ya tsaya yana jiran sabis, duk wanda ke bayansa a jerin ya tsaya, shi ma `karbi_kaya` ya tsaya, akawu na kallon allo ba ya motsi. Idan kuma ya fashe da kuskure, kuskuren zai fito ta cikin madaukin ya katse shi, waɗanda ba a kai gare su ba ba za su ji komai ba. Dalilin da ya sa a misalin Injiniya rasit zai fita shi ne ya sa `buga_rasit` a gaba, amma allon manaja da ke bayan tes ba zai sabunta ba.

Abin da aka raba shi ne sanin juna. Mai karɓar kaya ya daina sanin sunayen masu jira. Amma har yanzu a mota ɗaya suke, in taya ta fashe kowa ya sauka.

Autan Yauri: To Anti, in haka ne me aka ci riba? An dai sauya wa tuwo suna.

Injiniya Na-Gwandu: Gaskiyar Anti ce, kuma da gangan na fara da mafi sauƙin siffarsa don a ga ƙashin bayan. Amma Auta, ba sauya suna ba ne. A da, in Ɗan Argungu na son kare kansa daga faɗuwar tes da firinta da allo, sai ya kewaye kowane layi da nasa kariyar, kuma duk abin da ya ƙara sai ya tuna ya sake. Yanzu ƙofa ɗaya ce duk suke bi, a nan zai sa mai gadi:

```python
def shelanta(self, labari):
    for mai_ji in list(self.masu_ji):
        try:
            mai_ji(labari)
        except Exception:
            logging.exception("mai ji ya fadi: %r", mai_ji)
```

Wanda ya faɗi an rubuta sunansa da dalilin faɗuwarsa, an wuce zuwa na gaba.

Riba ta biyu a wurin gwaji take. Da tsohon tsarin ba ka iya gwada `karbi_kaya` sai da firinta a haɗe da kuɗi a asusun tes. Yanzu ka yi rajistar `jeri.append` a matsayin mai saurare, ka kira fankishin ɗin, ka duba ko labari ɗaya ya shiga jerin da buhu 40 da kilo 3200. Ba takarda, ba data.

Ɗan Argungu: Malam, na ga ka canza wani abu ba ka faɗa ba. A da `self.masu_ji` ne, yanzu ya zama `list(self.masu_ji)`. Me ya kawo wannan?

Injiniya Na-Gwandu: Madalla da ka lura. Kwafi ne nake ɗauka kafin in fara zagayawa. A ce mutum uku ne a jerin, kuma na farko irin mai sauraren nan ne da ke son ya ji sau ɗaya ya janye. An kira shi, ya cire kansa. Sai na biyu ya matso gurbin farko, na uku ya matso gurbi na biyu. Shi kuwa madaukin ya riga ya gama da gurbin farko, zai wuce gurbi na biyu, ya tarar da na uku. Na biyu ya sha tsallake, kuma Python ba zai ce maka uffan ba. Ranar da manomi ɗaya bai sami saƙo ba cikin ɗari, ba za ka taɓa zargin wannan layin ba. In kana zagaya kwafi, mai janyewa ya janye daga ainihin jerin, zagayen da ake ciki bai girgiza ba.

Anti 'Yar Zuru: Wannan ya magance faɗuwa, bai magance jinkiri ba. Ɗan Argungu, ka ce manhajar tsayawa ta yi cak, ba fashewa ta yi ba. Da me kake tura tes ɗin?

Ɗan Argungu: Da `requests.post` ne Anti, zuwa sabar kamfanin da ke tura mana saƙonnin.

Anti 'Yar Zuru: Ka sa masa iyakar jira?

Ɗan Argungu: A'a, adireshi da bayanan kawai na ba shi.

Anti 'Yar Zuru: To ga abin da ya tsayar da motoci ranar Talata. Shi `requests` ba shi da wa'adin jira na kansa. In ba ka ba shi `timeout` ba, kuma sabis ya yi irin rabin mutuwar nan da waya ke nuna akwai alhali ba abin da ke wucewa, zai iya zama yana jira ba iyaka. Babu kuskuren da zai tashi, don haka `except` ɗin Injiniya ba shi da abin kamawa. Ka fara da `timeout=5`. Amma ko da shi, kowane manomi zai ci wa akawu daƙiƙa biyar a banza ranar da babu sabis. Maganin gaske shi ne `aika_tes` ya daina tura saƙo da kansa. Ya rubuta saƙon a layin jira ya dawo nan take, wani ma'aikaci daban a bayan fage ya riƙa ɗauka yana turawa. Kuma ka ga daɗin abin, wannan gyaran duk a cikin mai sauraren za ka yi shi. Mai shela da mai karɓar kaya ba su ma san an canza komai ba.

Autan Yauri: Ashe kun dawo maganata. Layin jira, ma'aikaci daban, ai wannan shi ne tsarin da ake yi da RabbitMQ ko MQTT. Duk abu ɗaya ne, mai wallafawa da mai biyan labari. Ya girka ɗaya daga ciki a wuce wurin.

Injiniya Na-Gwandu: Kana da rabin gaskiya Auta, kuma ruɗanin ya daɗe. Littafin Design Patterns na 1994, wanda Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides suka rubuta, shi kansa ya ambaci `Publish-Subscribe` a matsayin wani sunan `Observer`. Amma a bakin masu aiki yau an fi bambanta su. A namu, mai shela na riƙe da jerin masu saurarensa a hannu, shi ke kiransu, duk a cikin manhaja ɗaya mai gudana. A irin su MQTT akwai dillali a tsakiya. Mai labari ya kai wa dillali a ƙarƙashin wani take, masu so su karɓa daga dillali, ɓangarorin biyu ba su taɓa haɗuwa ba, suna iya zama a kwamfutoci daban.

Dillali na da amfani, amma shi ma sai an girka shi, an kula da shi, an san abin yi ranar da ya mutu. Ɗan Argungu kwamfuta ɗaya gare shi a ɗakin awo. Ban ga dalilin ɗauko masa wannan nauyin ba yanzu.

Autan Yauri: Ni dai ina ganin gara a gina da girma tun farko. Gobe in sun buɗe reshe a Birnin Kebbi ko Kamba fa?

Injiniya Na-Gwandu: Ranar sai ya rubuta mai saurare guda wanda aikinsa miƙa labarin ga dillali, ya yi masa rajista. Hanyar na buɗe, ba sai ya biya kuɗinta yau ba.

Autan Yauri: Ban gamsu duka ba, amma na ji.

Ɗan Argungu: Salam. Na dawo bayan kwana uku. Na yi yadda kuka ce, rasit na fita nan take ko babu sabis, Allah ya saka da alheri. Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Jiya wani dattijo ya dawo da wayarsa a hannu, saƙo huɗu iri ɗaya sun shigo masa a kan kaya ɗaya, yana tambaya ko an rubuta masa buhu 160 ne maimakon 40. Na duba rumbun bayanai, sau ɗaya aka rubuta. Abin mamaki, waɗanda suka zo da safe saƙo ɗaya suka samu. Na azahar biyu ko uku. Na yamma huɗu. Yau da aka kunna kwamfuta ya koma ɗaya.

Baban Yara: Wannan kamfanin tes ɗin ne ke cin kuɗinku. Ka kira su.

Anti 'Yar Zuru: Baba, da daga wurinsu ne ba zai riƙa hawa da tafiyar rana yana komawa ɗaya in an kashe kwamfuta ba. Abin da ke ƙaruwa ana cikin aiki ya goge in an sake kunnawa, a cikin manhajar yake zaune. Ɗan Argungu, a ina ka sa layin `yi_rajista`?

Ɗan Argungu: A cikin tagar awo, wurin da take buɗewa. Na ga a nan ake buƙatarsa.

Anti 'Yar Zuru: Shi kuma akawu yana rufe tagar in zai tafi salla ko cin abinci, ya dawo ya buɗe?

Ɗan Argungu: Yana rufewa, ni na ce ya riƙa yi don kada wani ya taɓa. Kai. Ke nan duk buɗewa sabuwar rajista ce.

Anti 'Yar Zuru: Haka ne. Tagar ta rufe, amma mai shela na nan da ransa, kuma bai manta sunan da aka ba shi ba. Buɗewa huɗu, suna huɗu a jerin, saƙo huɗu. Kafin ka gyara, ka tabbatar da idonka: ka sa `print(len(shela.masu_ji))` a farkon `shelanta`, ka buɗe tagar ka shigar da kaya ka rufe sau uku, ka ga ko lambar na hawa. Rasit bai ninka ba?

Ɗan Argungu: Bai ninka ba, shi na yi masa rajista a farkon manhaja kamar yadda Malam ya nuna. Tes da allo ne na kai cikin tagar. Na gwada yanzu, daga 3 ya koma 5, ya koma 7.

Injiniya Na-Gwandu: To ka gano da kanka. Masu sauraren nan iri biyu ne, kuma ba a yi musu rajista wuri ɗaya. Akwai masu rai muddin manhaja na aiki, kamar tes da firinta. Su sau ɗaya ake rubuta su, a farko. Akwai masu rai muddin wata taga na buɗe, kamar ɗan akwatin da ke nuna jimlar buhunan yau. Su suna rajista in taga ta buɗe, kuma dole su janye in ta rufe. Duk inda ka rubuta `yi_rajista`, ka tambayi kanka ina `janye` ɗinsa yake, ko kuwa me ya sa ba ya buƙata.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya ga ninkin saƙo ba. Muddin jerin na riƙe da fankishin ɗin tsohuwar taga, Python ba zai share tagar daga ma'adana ba, don a ganinsa ana amfani da ita. A kwamfutar da ke wuni a kunne lokacin kaka, tsofaffin tagogi za su yi ta taruwa, kuma za a riƙa kiransu su sabunta allon da babu shi. Ka duba fayil ɗin da `logging` ke rubutawa, ina kyautata zaton za ka tarar da kurakuran nan jibge.

Ɗan Gusau: Salam, ku ba ni dama in shigo da tawa, don kusan irinta ce ta same ni. Ni da JavaScript nake aiki, na yi wa wata makaranta a nan Gusau shafin biyan kuɗi. Maɓallin tura sanarwa ga iyaye ya riƙa turawa sau biyu, sau uku. Kuma ni na rubuta janyewar! Ga shi:

```javascript
btn.addEventListener("click", () => aika());
btn.removeEventListener("click", () => aika());
```

Na kwana biyu ina kallonsa ban ga laifi ba, tunda rubutun iri ɗaya ne harafi da harafi. Ashe kowane `() => aika()` sabon fankishin ne daban. Wanda na ce a cire ba shi ne wanda aka saka ba, kuma burauza ba ta yin ƙorafi, shiru take yi. Da na ba fankishin ɗin suna na miƙa sunan a wuraren biyu, magana ta ƙare.

Anti 'Yar Zuru: Ka kyauta da ka kawo wannan, don zai iya cin Ɗan Argungu in ya yi amfani da `lambda`. Bambancin kawai shi ne a nasa `remove` zai tayar da `ValueError` in bai sami abin ba, ka ga ya fi shirun burauza. A Node kuma, `EventEmitter` na yin gargaɗi in masu sauraren abu ɗaya sun haura 10, saboda irin wannan mantuwar. Ɗan Argungu na iya kwaikwayon dabarar, ya sa `yi_rajista` ya yi ƙara in jerin ya wuce adadin da ya san yana da shi.

Ɗan Gusau: Ni tambayata ma ita ce, me ya sa Injiniya bai mai da `rumbu.ajiye` mai saurare ba shi ma? Sai `karbi_kaya` ya zama shela zalla, ya fi tsabta.

Injiniya Na-Gwandu: A'a, wannan kam ban yarda ba. Labarin da ake shelantawa shi ne "an karɓi kaya". In ajiyar ta zama ɗaya daga cikin masu saurare, kuma ta faɗi, mai gadinmu zai rubuta kuskuren ya wuce, firinta ta buga rasit, manomi ya sami saƙo, alhali babu kayansa a littafi. Ranar biyan kuɗi ya zo da takarda a hannu, a duba a ce ba a san zancen ba. Wannan rigima ce da ke ɓata sunan wuri. Abin da in bai faru ba labarin ya zama ƙarya, ba ya cikin masu saurare. Shi ake fara yi, in ya yi nasara sannan a yi shela. Ban da haka, lambar rasit daga ajiyar take fitowa, sauran duk suna buƙatarta.

Anti 'Yar Zuru: Na yarda da kai a kan ajiya. Amma Injiniya, da wannan ma'aunin naka ni ina da ja a kan firinta. A masana'antar casa, rasit shi ne shaidar manomi. In takarda ta ƙare ko firinta ta maƙale, `except` ɗinka zai haɗiye kuskuren ya kai shi fayil ɗin da akawu bai taɓa buɗewa ba. Allo ya nuna komai lafiya, manomi na tsaye. Ni da zan bar rasit a cikin `karbi_kaya` kai tsaye, in ya faɗi akawu ya gani a fuskarsa.

Injiniya Na-Gwandu: Ni kuma ina ganin rasit ana iya sake buga shi daga lambar da aka ajiye, don haka faɗuwarsa ba ta ƙaryata labarin. Sai dai `buga_rasit` ya kama kuskurensa da kansa ya nuna wa akawu gargaɗi, kada ya bar wa mai shela.

Anti 'Yar Zuru: Zai yi aiki. Amma ka ga yanzu mai karanta `karbi_kaya` ba zai san ana buga rasit ba sai ya je ya nemo inda aka yi rajista. Wannan shi ne kuɗin da ake biya a tsarin nan, kuma ba a cika faɗarsa ba. Tsohon fankishin ɗin Ɗan Argungu, da duk aibinsa, kallo ɗaya za ka yi masa ka san abubuwa huɗun da ke faruwa da jerinsu. Abin da ya zama tilas a kasuwancin, na fi son ya kasance inda ido zai gan shi.

Injiniya Na-Gwandu: Ban musa ba. Shi ya sa na nace duk rajistar dindindin ta zauna a fayil ɗaya. Ɗan Argungu ya fi mu sanin wurin, shi zai zaɓa.

Ɗan Argungu: Zan tambayi akawu sau nawa firinta ke ba shi matsala kafin in yanke. Amma akwai wani abu. Ina so saƙon tes ya ɗauki jimlar buhunan da manomin ya kawo a bana. `sabunta_allo` na lissafa irin wannan. In na yi masa rajista kafin tes, ya rubuta jimlar a cikin `labari`, tes ya ɗauka, ya yi?

Injiniya Na-Gwandu: Zai yi aiki yau, amma kada ka yi. Ka ɗaure tes da allo da igiyar da ba a gani. Wata shida nan gaba ka sauya jerin layukan rajista, ko allo ya faɗi a wuce shi, tes ya nemi jimla babu. Masu saurare bai kamata su dogara da wanda ya riga wani ba. A Java ma, tsohon `java.util.Observable` bai yi alkawarin jerin da zai bi wajen sanarwa ba, kuma an daina ba da shawarar amfani da shi tun Java 9 a 2017. In tes na son jimla, ko ya tambayi rumbu da kansa, ko `karbi_kaya` ya lissafa ya sa a labarin tun kafin shela. Don ka toshe ƙofar gaba ɗaya, ka kulle labarin:

```python
@dataclass(frozen=True)
class AnKarba:
    lamba: int
    waya: str
    buhu: int
    kilo: int
```

Duk mai sauraren da ya yi yunƙurin canza wani abu a ciki zai gamu da kuskure nan take.

Baban Yara: Ni duk ban bi lissafin nan naku ba, amma tambaya ɗaya. In an ɗauke wuta saƙonni na cikin layin jiran nan, ina suke tafiya? Mu nan kun san halin wuta.

Ɗan Argungu: Baba, wallahi ban yi tunanin wannan ba. Da `queue.Queue` na yi layin.

Anti 'Yar Zuru: To sun tafi ke nan. Wannan layin a ma'adanar wucin gadi yake, in kwamfuta ta mutu kafin a tayar da janareta babu abin da ya rage. Tambayar Baba ta fi duk namu. Ka mai da layin ya zama tebur a rumbun bayananka, kowane saƙo da lambar rasit ɗinsa da alamar ko an tura. Ma'aikacin bayan fage ya riƙa ɗaukar waɗanda ba a tura ba. Ka kuma sa wa gurbin lambar rasit `UNIQUE`, yadda ko an yi rajistar tes sau huɗu, saƙo ɗaya ne zai shiga, dattijon jiya ba zai sake ganin huɗu ba.

Akwai ɗan rami da ya rage. Wuta na iya ɗaukewa bayan an ajiye kaya, kafin shela ta kai ga tes. Kayan na littafi, saƙon bai shiga tebur ba. In kana son rufe shi sai ajiyar kaya da rubuta saƙon su shiga rumbu a dunƙule, ko duka ko babu. Amma in ka yi haka `karbi_kaya` ya sake sanin wani abu game da saƙo.

Injiniya Na-Gwandu: Ko kuma ya bar shelar yadda take, in manhaja ta tashi ta duba rasit ɗin da ba su da saƙo a tebur ta cike giɓin. Ni wannan zan yi a wuri mai kwamfuta ɗaya.

Ɗan Argungu: Ta biyun ta fi mini sauƙi. Zan rubuta teburin yau da dare, gobe da safe kafin motoci su fara zuwa in zare wayar wuta ana tsakiyar shigar da kaya in ga abin da zai faru. Anti, in ma'aikacin ya tura saƙo, wuta ta ɗauke kafin ya sa alamar an tura, ai zai sake turawa in an kunna ko?

Anti 'Yar Zuru: Zai sake. A nan sai ka zaɓa, ko ka sa alamar kafin turawa wani lokaci saƙo ya ɓace, ko bayan turawa wani lokaci ya zo sau biyu. Ni na fi son na biyu, muddin lambar rasit na cikin rubutun saƙon, don manomi ya ga lamba ɗaya ce. Ka duba kuma ko kamfanin tes ɗin na karɓar lambar shaida ga kowane saƙo, wasu na ƙin maimaita wadda suka riga suka gani. Ka faɗo mana yadda gwajin zare wutar ya kaya.